Yadda zaɓin magana a gem ke kai mutum ƙarshe daban-daban

Assalamu alaikum yaya. Ni a Jidda nake, na fara rubuta wani ɗan gem na labari da manhajar Ren'Py a kan tafiyar kakanninmu, wani saurayi ne da wani tsoho Baba Idi sun taso daga Maiurno za su Sawakin su ƙetaro aikin hajji. Duk zaɓin da na saka sai na buɗe masa reshensa, yanzu ina zaɓi na shida abin ya fi ƙarfina wallahi. Wai su manyan gem ya suke yi ne har ƙarshen ya bambanta?

Wa alaikumussalam ƙanena, Allah ya yi albarka, labarin nan da ka ɗauko ya yi min daɗi sosai dan namu ne, kusan kowane gida a nan akwai tsohon da ya bi hanyar nan ko ya ji ta a bakin iyayensa. Toh abin da ya tsayar da kai lissafi ne kawai, ba wai baka iya bane. In kowane zaɓi hanya biyu ce kuma hanyoyin basa sake haɗuwa, a zaɓi na shida kana da reshe 64, a na goma 1,024, in ka kai ashirin kuwa ka haura miliyan ɗaya. Ka ɗauka a zaɓi na goma zaka tsaya, kowane ƙarshe ka rubuta masa kalma 200 kacal, ka ga kalma sama da dubu ɗari biyu kenan a ƙarshe kawai banda tsakiyar labari, kuma mai bugawa guda ɗaya zai gani a ciki ya rufe jawwal ɗinsa. Babu kamfanin da yake aiki haka, ko masu ma'aikata ɗaruruwa.

Abin da suke yi shine labarin yana rabuwa na ɗan lokaci ya dawo ya haɗe a hanya ɗaya, amma gem ɗin yana riƙe abin da ka yi a ajiye. Ka san mai baƙalar unguwa da littafin bashinsa, kullum ƙofa ɗaya kake shiga, kaya ɗaya ne a kanta, amma yadda zai karɓe ka ƙarshen wata ya danganta da abin da ke rubuce a shafinka. Wannan shafin shi ake kira bariyabul, kuma daga cikinsa ƙarshen gem yake fitowa, reshen da kake ta buɗewa kaɗan ne aikinsa. Iri biyu zaka fi buƙata. Akwai na e ko a'a, ya'ani abu ya faru ko bai faru ba, kamar ka ɓoye kuɗi ko baka ɓoye ba. Akwai kuma na maki wanda yake hawa yana sauka, kamar yawan yardar da wani ya yi da kai.

Bari in nuna maka a gem biyu da mutane suka sani, amma fa zan tona labari, wanda bai buga ba ya tsallake nan. A The Walking Dead na Telltale da ya fito 2012, a kashi na farko ana saka ka ceci mutum ɗaya tsakanin Carley da Doug. Wanda ka ceta yana tare da ku, yana magana, kana sabawa da shi, amma a kashi na uku a wuri ɗaya ake harbe shi ko wanene a cikinsu, daga nan hanya ta koma ɗaya. Rubutun nan da yake fitowa a saman allo, "Clementine will remember that.", shaida ce an rubuta wani abu a shafinka, sau da yawa abin da zai canza bai wuce jimla ɗaya ko kallon da yarinyar, wato Clementine, za ta yi maka nan gaba ba, kuma Lee, wanda kake bugawa da shi, ƙarshensa ɗaya ne duk yadda ka buga. Mutane da yawa sun yi ƙorafi a kan haka, ni kam ina ganin gem ɗin ya yi aikinsa dan abin da yake canzawa shine wane irin mutum ka zama a idon yarinyar, amma gaskiya ba shi ne samfurin da kake nema ba tunda kai ƙarshe daban-daban kake so.

Wanda ya fi kusa da buƙatarka The Witcher 3 ne na 2015. Makomar Ciri, yarinyar da jarumin gem ɗin Geralt ya raina, guda uku ce, ko ta zama mayaƙiya irinsa, ko ta hau sarauta, ko kuma bata dawo ba, kuma ba a tsayar da kai a ƙarshe an ce zaɓi ɗaya ba. Wasu ƙananan wurare ne kamar biyar da suka wuce tun da daɗewa, lokacin da take cikin baƙin ciki ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ko ka ce ku sha giya, ka barta ta shiga ganawa da wasu bokaye mata ita kaɗai ko ka bi ta, ka raka ta kabarin Skjall, wani saurayi da ya taɓa taimakonta, ko ka ce babu lokaci, in kun je wajen sarki mahaifinta ka karɓi kuɗin da ya baka a gabanta ko ka ƙi. Kowanne ana ajiye shi shiru, sai can ƙarshe a tara a duba wane ɓangare ya rinjaya. Sarautar kuma tana da ƙarin sharaɗi, sai ka kai ta wajen mahaifinta kuma sai ɓangarensa ya ci yaƙi. Ka ga maki ne aka haɗa da e ko a'a, shi kenan sirrin.

Yanzu mu dawo kan Baba Idi, dan a nan nake so mu daɗe. Abu na farko ka daina tunani daga Maiurno, ka fara daga Sawakin. Zauna ka yanke ƙarshe nawa kake so a bakin tekun nan, ni zan baka shawarar huɗu, sun isa gem na farko. Na ɗaya kun shiga jirgin ruwa tare. Na biyu kuɗi bai isa mutum biyu ba, Baba ya tura maka nasa ya ce je ka yi mana addu'a. Na uku ya gano ka ci amanarsa kun rabu baram-baram. Na huɗu babu faɗa babu komai amma zuciya bata haɗu ba, ya ce shi zai koma gona sai wata shekara. Da ka rubuta waɗannan huɗun sai ka tambayi kanka me gem ɗin yake buƙatar ya sani kafin ya raba su, zaka ga abu uku ne kawai, yardar Baba, kuɗin da ke jakarku, da ko ka ɓoye masa wani abu.

```
default amana = 0
default guzuri = 2
default boye_kudi = False
```

Ka lura `default` na saka, kar ka yi amfani da `define` a abin da zai riƙa canzawa, dan shi `define` Ren'Py baya ajiye shi a cikin sabin mai bugawa, mutum zai buga rabi ya ajiye ya dawo gobe ya tarar makinsa ya koma sifili kai kuma ka rasa daga ina mushkilar take. Sunayen ma ka rubuta su ba ƙugiya kamar yadda na yi, ya fi sauƙin bugawa, Hausar da za a karanta a allo ita zaka yiwa ƙugiyarta.

Sai ka shimfiɗa hanya guda ɗaya tal, Maiurno, Madani, gonakin auduga na Jazira, Gadarif, Kasala, Sawakin, kowa sai ya bi ta nan. A kan hanyar ka dasa wurare biyar da amana za ta iya ƙaruwa da ɗaya. Misali ruwan salka ya yi ƙasa ka bashi ko ka ce ya ƙare, da dare ya fara baka labarin ɗansa da ya rasu ka saurara ko ka juya ka yi barci, zazzaɓi ya kama shi ka sayo magani ko ka ce a yi haƙuri, wani ya ci masa mutunci a kasuwa ka tsaya masa ko ka sunkuyar da kai, ya baka sirri wani ya tambaye ka ka riƙe ko ka faɗa. Guzuri kuma kun fara da 2, tsayawa aikin auduga yana ƙara 2, magani yana cin 1, sannan akwai wajen da wani ɗan kasuwa ya baka kuɗi ya ce ka kaiwa tsohon sadaka, in ka soke a aljihu ka yi shiru guzuri ya ƙaru da 1 kuma `boye_kudi` ya zama gaskiya, in ka miƙa masa sai ya rabar wa wasu matafiya da suka fi ku buƙata. Kuɗin jirgi 2 ne kowane mutum. Ga yadda wajen maganin zai kasance:

```
menu:
    "Bari in nemo maka magani, Baba.":
        $ amana += 1
        $ guzuri -= 1
        "Ya kama hannunka bai ce komai ba."
    "Mu daure zuwa Kasala.":
        "Ya gyada kai, ya juya fuska bango."
"Da asuba kuka kama hanya."
```

Dubi layin ƙarshe, duk wanda ka zaɓa nan zaka faɗo. Jimla biyu ka rubuta na bambanci maimakon labari biyu, kuma mai bugawa ya ji a jikinsa cewa wani abu ya faru dan ya ga Baba ya juya fuska. Wannan ɗan martanin na nan take kar ka taɓa barinsa, in mutum ya zaɓi abu allo ya wuce kamar bai yi komai ba zai daina kula da zaɓin gaba ɗaya, ya riƙa danna na sama kawai.

A Sawakin sai a buɗe shafin:

```
label sawakin:
    if amana >= 3 and guzuri >= 4:
        jump tare
    elif amana >= 3:
        jump sadaukarwa
    elif boye_kudi:
        jump rabuwa
    else:
        jump komawa
```

Toh a nan ne yawancin kurakurai suke ɓuya, kuma irin waɗanda basa fito da jan rubutu a allo, gem yana tafiya lafiya lau amma labarin ya karkace. Na farko jerin sharuɗɗan. Kwamfuta daga sama take dubawa, wanda ya fara cika shi take bi ta manta da sauran. In ka ɗora `amana >= 3` shi kaɗai a sama, duk wanda ya cancanci ƙetarewa tare zai faɗa sadaukarwa, ƙarshen da ka fi wahala a kansa babu wanda zai taɓa gani har abada. Dan haka mai sharaɗi mafi tsauri shi ne a sama kullum, mai sauƙi a ƙasa, kuma ka tabbata akwai `else` da zai kama duk wanda bai shiga ko'ina ba.

Na biyu lambar da ka saka a matsayin iyaka, me yasa 3 ba 4 ba? Wurare biyar masu hanya biyu suna bada haɗi 32. A cikinsu 16 ne suke kai amana 3 ko sama, rabi kenan. In ka ɗaga zuwa 4 saura 6, in ka ce sai 5 saura ɗaya tal, ya'ani kuskure ɗaya a farkon gem ya rufe ƙofa. Abin da yake yawan faruwa kuma shine ka saka iyaka 5 lokacin kana da wurare shida, bayan wata biyu ka goge fage ɗaya dan bai yi daɗi ba, ka mayar da wani na ganin dama, baka koma ka gyara lambar ba, shi kenan ƙarshen ya zama sai mai sa'a ko ma ba mai kaiwa. Duk sanda ka cire ko ka ƙara fage ka sake ƙirga mafi yawan makin da mutum zai iya samu da mafi ƙaranci.

Amma kar lissafin 16 cikin 32 ya ruɗe ka, mutane ba ƙuri'a suke jefawa ba, mafi yawansu suna so su zama mutanen kirki a gem, in alheri kyauta ne kowa zai tara 5 ya wuce. Shi yasa na sa magani yake cin guzuri, kuma nan ne nake ganin gem ɗinka zai yi rai. Bi lissafin da kanka. Wanda ya yi aikin auduga yana da 4, ya sayi magani ya koma 3, bai ɓoye kuɗin sadaka ba, ya isa Sawakin da amana 5 da guzuri 3. Mutumin da ya fi kowa gaskiya kenan, kuma shi ne ba zai ƙetare da Baba ba, sadaukarwa zai samu. Wanda yake son su ƙetare tare dole ko ya hana tsoho magani ya nemi amana 3 a sauran wurare huɗu, ko ya sayi maganin ya cike giɓin da kuɗin da ya ɓoye. Wallahi wannan ya fi ƙarshe ashirin da basu da nauyi, dan mutum zai ajiye waya yana tunanin abin da ya yi, kuma zai sake bugawa dan ya ga ko akwai wata mafita.

Sai dai hanyar nan ta biyu ta buɗe rami, ka gan shi? Mutum ya ɓoye kuɗi, amanarsa 4, guzuri 4, sharaɗin farko ya cika ya tafi `tare`, suna cikin jirgi ana murna babu wanda ya tada maganar kuɗin. Mai bugawa yana sane da abin da ya yi, in gem ɗin ya manta zai ji an raina masa hankali. Ba sai ka ƙirƙiri ƙarshe na biyar ba, a cikin `tare` ɗin zaka saka ɗan sharaɗi, in `boye_kudi` gaskiya ne Baba ya ƙirga kuɗin ya dube ka ya ce "Yaro, wannan ya fi abin da muka tara", sai ka bashi zaɓi ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya, layi shida zuwa takwas sun isa. Haka manyan gem suke samun yawan ƙarshen da suke tallatawa, ginshiƙan kaɗan ne, sai ƙananan guntaye da ake kunnawa ko a kashe gwargwadon abin da ke ajiye.

Akwai kuma maganar adalci ga mai bugawa. A lissafinmu wanda bai tsaya aikin auduga ba ko me ya yi guzurinsa ba zai wuce 3 ba, kenan tun a Jazira ƙofar ƙetarewa tare ta rufe masa. Ba laifi bane hakan, ai da yawa cikin mutanenmu sai da suka yi shekaru suna aikin gona a Sudan kafin su tara na jirgi, wasu ma a can suka zauna, amma dole ka bashi alama kafin ya yanke, ko wani matafiyi da ya dawo daga Sawakin ya faɗi kuɗin jirgi a hira, ko Baba ya zazzage jaka ya ƙirga a gabansa. In mutum ya isa ƙarshe ya ce kash da na sani, ka yi nasara, in ya ce ta ina zan sani, laifin naka ne. Ita amana kuma ni bana son a nuna lambarta a allo, da mutum ya ga +1 ya daina hira da tsoho ya koma farautar maki. Ka nuna ta a bakin Baba, tana ƙasa yana ce maka "kai yaro", ta hau ya koma "ɗana", kuma Ren'Py yana baka damar ɓoye wani zaɓi sai maki ya kai, kamar `"Baba, ka bani labarin dan naka." if amana >= 2:`, wanda bai kai ba ba zai ma san layin yana nan ba.

Reshe na gaske, wanda fage ne daban gaba ɗaya, ka ajiye shi wa wuri ɗaya ko biyu inda ya cancanta, kamar auduga, wanda ya tsaya ya ga fagen gona wanda ya wuce ya ga fagen yunwa a hanya, su haɗu a Gadarif, halas.

Wajen gwaji kar ka dogara da bugawa daga farko kullum, zaka gaji kuma hannunka zai riƙa bin hanyar da ka saba. Kana cikin gem ɗin ka danna Shift+O, akwatin umarni zai buɗe, ka rubuta `amana = 2` da `guzuri = 5` da `boye_kudi = True` sannan `jump sawakin` ka ga inda zai kai ka, Shift+D kuma yana da wajen da zaka ga duk bariyabul ɗinka da abin da ke cikinsu a lokacin. Lint, mai duba kurakuran kod da ke cikin lancar Ren'Py, zai kama maka `jump` da ya nufi sunan da babu shi, amma ba zai gaya maka labari ya saɓa hankali ba, wannan sai takarda da biro. Ka ja layi, amana daga 0 zuwa 5, guzuri daga 1 zuwa 5, ka bi kowane gida ka karanta ƙarshen da ya bayar da babbar murya. In ka yi haka zaka ci karo da wani gida da na bar maka a lissafin nan, wanda bai yi auduga ba, ya sayi magani, bai ɓoye komai ba, amanarsa 3 ko fiye, guzurinsa 1. Kod ɗin zai tura shi `sadaukarwa`, Baba ya ce ɗauki nawa ka tafi, alhali duk abin da ke jakar bai kai kuɗin mutum ɗaya ba. Ko dai ka ƙara `and guzuri >= 2` a sharaɗi na biyu ya gangara `komawa`, amma fa sai ka gyara maganar Baba a can dan wannan yaron bai yi masa laifin komai ba, ko kuma ka rubuta cewa Baba ya kwance wani abu da ya daɗe yana ɓoye a ɗamararsa ya sayar ya cika maka. Ni na biyun zan ɗauka, amma sai ka nuna ɗamarar tun a Madani ko da sau ɗaya ne. In ka gama teburin ka turo min in duba maka kafin ka ci gaba da rubuta fagen Kasala.